Buhu Dubu Biyu da Takardar Gida

Ranar da maƙwabcina Toka ya karya yatsarsa ina wurin, ba labari aka ba ni ba. Ni mai faci ne, rumfata na kallon ɗakin ajiyar da ya kama haya a ƙarshen layinmu, don haka duk abin da ya shiga ko ya fita sai ya wuce ta gabana. Da hantsi ne, ga ma'aikacin banki ya sauka daga mota da farar riga da ɗan littafi a hammata, ya zo ƙirga buhunan siminti kamar yadda yake yi duk ƙarshen wata. Toka ya buɗe masa ƙofa yana ta washe baki, yana cewa kaya lafiya lau suke, kamar jiya aka sauke su.

To masu sayar da siminti suna da wata ɗabi'a. In suna so su nuna wa mai saye cewa buhu sabo ne, sai su dunƙule hannu su kai masa naushi, hannun ya nutse cikin gari, 'yar ƙura ta tashi. Toka ya shekara goma sha biyar yana wannan naushi. Ma'aikacin ya zaga can ciki, ya nuna wani buhu na ƙasa a jikin bango, ya ce wannan fa? Maƙwabcina ya durƙusa, ya nannaɗe hannun riga, ya ja da baya, ya sake masa naushi na tsakani da Allah.

Daga rumfata na ji ƙarar. Buhun bai ko motsa ba, ya riga ya zama dutse. Toka ya saka hannun tsakanin cinyoyi yana zagaya wuri ɗaya kamar kazar da aka taka wa ƙafa, ga shi yana so ya yi ihu, ga shi yana so ya ci gaba da murmushi saboda mutumin banki. Na ruga da ruwan da nake gwada tayoyi a ciki na zuba masa, na ce ya yi haƙuri, buhun ma ya ji jiki. Bai yi dariya ba. Ma'aikacin ma bai yi ba. Sai ya tuɓe agogo ya sa a aljihu, ya ce a kira leburori a sauke layin bangon nan gaba ɗaya, yana so ya taɓa kowane buhu da hannunsa.

Kafin in faɗi abin da aka samu, bari in gaya muku ko wane ne Toka. Sunan nan mu muka laƙa masa, don tun yana saurayi ba ka ganinsa sai da ƙurar siminti a gira da gashin baki. Dako ya fara yi, buhu ɗaya a ka, ɗaya a kafaɗa, har ya tara abin da ya buɗe ɗan shago. Mutum ne mai haba-haba, ba ya riƙe fushi, in ya samu sai kowa a layi ya sani. Gidansa ne ke manne da nawa, katanga ɗaya muke. Mahaifinsu ne ya gina shi, ɗaki huɗu da tsakar gida, da ya rasu Toka ya biya 'yan'uwansa mata rabonsu ya riƙe gidan. Tsohuwarsa, wadda duk layi ke kira Inna, tana ɗakin gaba mai taga a kan titi, inda ta shekara arba'in tana sa ido a kan kowa. Shi da matarsa da yara huɗu suna baya. Matar tela ce, kuma in gaskiya za a faɗa, kan lissafin gidan nan a wuyanta yake.

Jarinsa miliyan ɗaya ne, buhu ɗari biyu a kan dubu biyar-biyar. Ya sayar, ya ɗora 'yar riba, ya sake sarowa. Ba a yi arziki ba, amma ba a kwana da yunwa ba. A can bakin hanya akwai wani mai irin sana'ar, mai jari daidai da nasa, wanda muke kira Kunkuru saboda tafiyarsa da yadda yake ƙirga canji sau uku. Toka ba shi da abin tsokana kamar Kunkuru. Cewa yake mutumin nan da buhu ɗari biyu aka haife shi, da su za a binne shi.

Bara ne wani direban tirela ya tsegunta wa Toka cewa kamfani zai ƙara kuɗin siminti. Ya kwana biyu yana juya maganar, rana ta uku ya shiga ɗakin Inna ya ce a ba shi takardar gida za a sabunta hatimi. Banki ya nufa da ita. Suka riƙe takardar, suka ba shi miliyan huɗu, ruwa kashi uku cikin ɗari kowane wata. Ya haɗa da nasa ya sauke buhu dubu. Allah da ikonsa, cikin wata uku buhu ya koma dubu shida. Ya sayar kaf, ya mayar wa banki miliyan huɗunsu da ruwan dubu ɗari uku da sittin, ya karɓo takarda ya mayar akwatin Inna ba wanda ya sani. Mai miliyan ɗaya ya wayi gari da miliyan ɗaya da dubu ɗari shida da arba'in. Kunkuru da buhunsa ɗari biyu, dubu ɗari biyu kawai tashin ya ba shi.

A rumfata Toka ya zauna yana koya mini sirrin. Ya ɗauki dogon bututun ƙarfen da nake zura wa sifana in noti ya ƙi kwancewa, ya ce ka ga wannan? Ƙarfinka bai ƙaru ba, amma da shi kana kwance abin da ƙato uku ba za su iya ba. Ya ce bashi ke nan. Farashi ya tashi kashi ɗaya cikin biyar, shi kuɗinsa ya tashi fiye da rabi, don ribar buhunan banki ma tasa ce, su ruwansu kawai suka sani. Na ce masa gaskiya ne, amma ya dubi tabon da ke haɓata, bututun nan ne ya yi mini shi ranar da sifana ta zame. Ya ce ai shi ya sa har yau nake faci.

Ya sayi sabuwar waya, ya yi wa matar ɗinki ita da ke yi wa mutane, ya rage miliyan ɗaya da rabi. Bayan wata biyu direban ya sake zuwa da magana, wai wannan karon dubu bakwai za a kai. Takarda ta sake zuwa sabunta hatimi. Banki kuwa sun ga mutum ya biya a kan lokaci, suka buɗe masa hannu: miliyan goma da rabi, wata shida, ruwa duk ƙarshen wata, uwar kuɗi a ƙarshe, jingina gida da kayan da kansu. Ya saro buhu dubu biyu a kan dubu shida-shida. Tirela uku suka toshe mana layi tun safe har la'asar. Shagonsa ba zai ɗauka ba, shi ne ya kama ɗakin ajiyar nan. Leburori suka ce a shimfiɗa katako a ƙasa, a bar tazara da bango, ya ce kayan da ba za su yi wata ɗaya ba, me za a yi da katako? Aka jibge su a kan daɓe har rufi.

Sai daga baya matarsa ta yi mini lissafin da ya kamata ya yi tun ran nan. Cikin kowane buhu takwas, ɗaya ne nasa, bakwai na banki. In farashi ya sauka da ɗari bakwai da hamsin kawai, jarinsa ya tafi duka, domin bashi ba ya raguwa don kaya sun yi araha.

Ba a kai dubu bakwai ba. Wani kamfani ya buɗe sabuwar masana'anta, siminti ya cika kasuwa, cikin mako shida buhu ya gangaro dubu biyar ya zauna. Ga damina ta sauka, magina sun rage aiki. Kunkuru ya yi asarar dubu ɗari biyunsa, ya yi tsaki, ya sayar a sabon farashi, ya saro a sabon farashi, ya ci gaba da ƙirga canji. Shi kuwa Toka, kayan miliyan sha biyu sun koma na miliyan goma, alhali banki na binsa goma da rabi. Tun ran nan ba shi da ko buhu ɗaya a ɗakin, gadi kawai yake yi wa banki, yana biyan haya daga aljihunsa.

Ya ce zai jira. Amma jiran ma da kuɗinsa, dubu ɗari uku da goma sha biyar duk wata. Ina zai samo su? Daga cikin buhunan. Wata huɗu ya sayar da ɗari uku, kusan duk kuɗin suka tafi a ruwa, ragowar haya da cefane. Kaya na raguwa, bashi na nan yadda yake. Mutumin da ke cika layi da dariya ya koma zama a kan benci yana danna waya, yana tambayar farashi a garuruwan da bai taɓa zuwa ba. Bel ɗin wandonsa sai da na huda masa sabon rami sau biyu. In na tsokane shi ya ce sauran kaɗan, damina na wucewa.

To shi ne aka zo ranar naushi. Leburori suka sauke layin bango da na ƙasa, ma'aikacin banki na bi yana dannawa. Danshi ya taso ta daɓe, ya ratso ta bango. Buhu ɗari biyu sun daskare. Masu kyau dubu ɗaya da ɗari biyar. Mutumin ya rubuta, ya yi magana a hankali ba tare da wulaƙanci ba. Ya ce kayan da ke nan, ko an sayar a farashin kasuwa, miliyan bakwai da rabi ne. Saura wata biyu wa'adi ya cika. In kuɗi ba su cika ba, abin da ya rage a jikin gida za a nema. Ya ce wa Toka ya je a duba masa hannun, sannan ya shiga mota.

Ni na goya shi a babur zuwa wurin mai ɗori. Da muka kusa isa, ya matso da baki kusa da kunnena ya ce kada Inna ta ji. Na ce Inna da ke ganin layi tun daga farko har ƙarshe ta tagarta? Ya ce dai kada ta ji.

Washegari da yamma ina tsakar gidana ina wanke hannu, na ji su ta kan katanga. Ba laɓe nake ba, katangar ce gajera. Toka na gaya wa matarsa wata sabuwar dabara. Wai akwai mai ba da bashi a bayan kasuwa, ba ya neman takarda, kashi goma a wata. Zai karɓi miliyan biyu ya ƙara saro kaya yanzu da suke da araha, in farashi ya ɗaga ko kaɗan ne sai sabon ya rufe ramin tsohon. Keken ɗinki ya tsaya. Na ji ta ce ya miƙo mata allin da take zana yadi da shi.

A ƙasa ta yi masa lissafin, tana faɗa da ƙarfi kamar mai koya wa yaro. Miliyan goma da rabi, a ƙara ruwan wata biyu, a raba wa buhu dubu ɗaya da ɗari biyar. Ta ce sai buhu ya wuce dubu bakwai da ɗari huɗu kafin ya fita ba riba ba asara, kuma cikin wata biyu, a tsakiyar damina, ga na ƙasa na ci gaba da shan danshi.

"Baban yara, wa ya ce maka zai kai haka? Direban nan?"

Ya ce kasuwa ba ta da tabbas, tana iya juyawa.

"Ai da ta juya ne muke nan. Karon farko da ka ci, ka ce wayonka ne. To wayon yana nan, bai je ko'ina ba, farashin ne ya tafi. In ka karɓo na bayan kasuwa, har keken nan sai an ɗauka."

Can sai na ji muryar Inna daga ƙofar ɗakinta, ashe tana tsaye. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce tun tafiya ta biyu ta san ba hatimi ake sabuntawa ba, don ba a sabunta hatimi da tirela uku. Ta ce ita ba ta san lissafi ba, abu ɗaya ta sani, a ɗakin nan mijinta ya cika, kuma ba ta da niyyar a fitar da gawarta daga gidan haya. Ta koma ciki ta ja labule. Na daɗe da sanin Toka, ban taɓa jin kukansa ba sai ran nan, kuma irin na manya ne, wanda ba ya fita sosai. Na bar wanke hannun na shige ɗaki, don wannan ba abin tsokana ba ne.

Kwana goma da suka biyo baya ya yi su a kan babur ɗina, hannu a naɗe a rataye a wuya. Mun je wurin mijin yayarsa, ya ce kuɗinsa na cikin gini. Mun je wurin wani da suka yi dako tare wanda yanzu ke da motoci, aka ce ya yi tafiya, alhali ga takalminsa a ƙofa. Mun bi 'yan kwangila ɗaya bayan ɗaya. Duk wanda ya ji buhu dubu ɗaya da ɗari biyar a lokaci guda, ya kuma dubi idon Toka, sai ya gane mai sayarwa a matse yake, ya taya son ransa. Wani ya ce dubu huɗu da ɗari biyu. Toka ya juya, muka tafi. A ƙarshe wani mai gina makaranta ya aiko aka duba kayan buhu-buhu, ya tsaya a dubu huɗu da ɗari takwas, kuɗi hannu. Miliyan bakwai da dubu ɗari biyu. Toka ya roƙi ƙarin hamsin, mutumin ya ce yana da wani a layi. Aka sallama.

Kuɗin ko hannunsa ba su taɓa ba, kai tsaye suka shige banki. Saura miliyan uku da dubu ɗari uku, da ruwan kwanakin da suka shiga wata na biyar, ya kama uku da rabi. Ba shago, ba kaya, sai daskararru ɗari biyu da mai ɗakin ajiya ke cewa a zo a kwashe masa. In aka bari banki ya yi gwanjon gidan, kowa ya san yadda gwanjo yake, a sayar da arha, a cire kuɗin lauya da na dillali, a miƙo maka abin da ba zai sayi fili ba.

Matar ce ta kawo shawarar a raba gidan. Ɗakuna biyu na baya da rabin tsakar gida suna da hanyar fita ta lungu, ana iya fasa musu ƙofa. Sai mai saye. A duk unguwar mutum ɗaya ne aka san yana da kuɗi a ajiye ba na kowa ba, kuma ya daɗe yana neman inda zai zaunar da ɗansa. Toka ya ce ko sama da ƙasa za su haɗu ba zai je ba. Da safe na gan shi ya sa rigarsa mai kyau, ya ce in tayar da babur.

Kunkuru bai yi masa gori ba, abin da ya fi gori ciwo ke nan. Ya ba shi kujera, ya tambayi hannu, ya tambayi jikin Inna. Ya zo ya auna ɗakunan da igiya sau uku, ya ƙwanƙwasa bango, ya leƙa rufi. Ya ce miliyan uku da rabi, katangar tsakiya a kansa, amma ba zai ba da ko sisi ba sai a gaban mutanen banki, ya biya cikin bashin, su saki takarda, a raba ta biyu a hukumance. Haka aka yi. Mako uku ana kai da kawo. Ran da aka gama, Toka ya shiga ɗakin Inna da sabuwar takarda mai rabin gida. Ta karɓa ta sa a akwati, ta kulle, ta ɗaura makullin a bakin zaninta. Sai ta tambaye shi ko ya ci abinci.

Inna ta tsira da ɗakinta da tagarta. Shi da matar da keken ɗinki da ƙananan yara biyu suka dawo ɗaki ɗaya na kusa da nata, manyan biyun suka koma kwana wurin kakarsu. Yanzu Toka dillanci yake, yana haɗa magina da masu kaya a ba shi la'ada, har da kayan Kunkuru. Shekara goma sha biyar na dako da shago sun tafi a wata biyar, a kan saukar dubu ɗaya a buhu.

Ranar kwashe kaya ni na taya shi. Magina sun riga sun ja igiya a tsakar gida, sun fara jera bulo, muna tsallakawa da katifa da kwanuka. Muka zo kan babban gadonsu, ya ƙi shiga ƙofar ɗakin, muka juya shi ta nan, muka juya ta can, gumi na zuba. Na ga fuskarsa ta yi nauyi da yawa, na ce bari in ɗan taɓa shi. Na ce maƙwabci, in gadon ya ƙi shiga mu kai shi banki mana, ƙila su ba ka miliyan biyu a kansa, na ji an ce siminti zai tashi. Na ƙara da cewa ni dai da facina, ban taɓa cin bashin kowa ba, ga shi ina kwana a gidana cikakke.

Ya sauke gefensa a ƙasa, ya share goshi da hannunsa mai lafiya, ya dube ni tun daga silifas har hula.

"Ba ka taɓa cin bashi ba, ko ba a taɓa ba ka ba? Ni banki ya dube ni ya ƙirgo miliyan goma da rabi. Kai mai shagon ƙofar gidanka ko ashana ba ya miƙo maka sai ya ga kuɗi a tafin hannunka. Kama ƙafar gadon nan, malam, ka ɗaga ta sama."